Rahoton Zaman Ƙungiyar Iyaye da Malamai: Ƙudurin Aron Littattafai Zuwa Gida

An yi zama na biyu na wannan zangon karatu ranar Asabar a babban ɗakin taro na makaranta. Shugaban ƙungiya ya buɗe zama da ƙarfe 10:15 na safe. Mambobi 41 masu ikon kaɗa ƙuri'a suka halarta, har da shi Shugaba, alhali tsarin mulkinmu mutum 25 ya gindaya kafin a yanke hukunci. Shugaba ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, don haka ƙuri'u 40 ne a farkon zama.

An karanta rahoton zaman da ya gabata, aka amince da shi ba gyara. Ma'aji ya nemi a ɗage bayaninsa zuwa zama na gaba saboda mai binciken kuɗi bai kammala ba, kuma aka yarda.

Bayanin Sakatariya kafin batu na uku: wasu ƙungiyoyi matanin ƙarshe kaɗai suke sakawa a rahoto, su ce an amince bayan gyare-gyare. Ni na rubuta ƙudurin yadda ya fito daga hannun mai shi, da kowane gyara da kalmominsa, har wanda ya faɗi da wanda aka janye. Dalilina shi ne iyaye da yawa ba su samu zuwa ba, kuma sakin layi na 3 ya sauya ƙwarai. Wanda zai biya littafi nan gaba yana da haƙƙin ganin yadda aka kai ga wannan hukunci. Duk ƙuduri ko gyaran da aka gabatar da ke cikin alamar zance, daga takardar da mai shi ya miƙo na kwafe shi, ban taɓa ko harafi ba.

Batu na 3: Aron littattafai

ASALIN ƘUDURI. Wakiliyar iyayen aji biyar ta gabatar, malamin lissafi ya goyi baya:

"Wannan zama ya amince cewa:
(1) A ba kowane ɗalibi damar aron littafi ɗaya daga ɗakin karatu na makaranta ya tafi da shi gida.
(2) Ya dawo da littafin cikin kwana 7.
(3) Ɗalibin da ya ɓatar da littafi, a hana shi aro har ƙarshen shekarar karatu."

Ta ce rabin awa da ake ba kowane aji a ɗakin karatu sau ɗaya a mako ba ya isar yaro ya gama ko babi biyu, kuma kafin mako ya zagayo ya manta inda ya tsaya. Shugaba ya sake karanta ƙudurin da kansa, ya buɗe muhawara.

GYARA NA 1. Mai kula da ɗakin karatu ta gabatar, mataimakin shugaban makaranta ya goyi baya: "A sakin layi na 1, bayan kalmomin 'kowane ɗalibi', a ƙara 'daga aji huɗu zuwa sama'." Hujjarta ita ce littattafan ƙananan ajujuwa masu hotuna ne, bangonsu ba ƙwari, kuma su ne suka fi ƙaranci a kan kanta.

Gyaran gyara. Wakilin iyayen aji uku ya gabatar, malamar aji uku ta goyi baya: "A cikin Gyara na 1, a cire 'huɗu' a sa 'uku'." Malamar ta ce a aji uku ne bakin yaro yake kamawa da karatu, in aka hana shi a lokacin an hana shi a daidai inda ya fi buƙata.

Wani uba ya miƙe ya nemi a mayar da shi aji biyu. Shugaba ya ce ba a ɗora wani gyara a kan gyaran gyara, sai dai ya jira a yanke wannan, in ya faɗi ya kawo nasa. Daga nan ya bayyana wa zama cewa gyaran gyara ake fara kaɗa wa ƙuri'a, sannan gyaran, ƙudurin kansa kuwa sai a ƙarshe.

Ƙuri'a kan gyaran gyara: 22 sun amince, 16 sun ƙi, 2 ba su kaɗa ba. Ya wuce. Gyara na 1 ya koma: "a ƙara 'daga aji uku zuwa sama'."

Ƙuri'a kan Gyara na 1 a sabuwar sigarsa: 31 sun amince, 7 sun ƙi, 2 ba su kaɗa ba. Ya wuce.

Sakin layi na 1 ya zama: "A ba kowane ɗalibi daga aji uku zuwa sama damar aron littafi ɗaya daga ɗakin karatu na makaranta ya tafi da shi gida."

GYARA NA 2. Wakilin iyayen aji shida ya gabatar, wata uwa ta goyi baya: "A sakin layi na 2, a cire 'kwana 7' a sa 'kwana 14'." Mai kula da ɗakin karatu ta ce in kowane littafi zai yi mako biyu a waje, wanda ake rububinsa ba zai shiga hannun fiye da yara shida ko bakwai ba a zango guda. Ƙuri'a: 15 sun amince, 24 sun ƙi, 1 bai kaɗa ba. Gyaran ya faɗi, sakin layi na 2 yana nan yadda yake.

GYARA NA 3. Malamin lissafi ya gabatar, wakilin iyayen aji shida ya goyi baya: "A ƙarshen sakin layi na 2, a ƙara ', sai dai idan an sabunta masa aron sau ɗaya na wasu kwana 7, matuƙar babu wani ɗalibi da ke jiran littafin'."

Ma'aji ya ɗaga hannu ya ce: "Ranka ya daɗe, ai wannan shi ne kwana 14 ɗin da muka ƙi yanzu, an dai sake masa riga." Shugaba ya yanke cewa ba ɗaya ba ne, domin wancan ya ba kowa mako biyu kai tsaye, wannan kuwa sai yaro ya dawo da littafin an gani, kuma da sharaɗi. Ba wanda ya ƙalubalanci hukuncin Shugaba. Ƙuri'a: 35 sun amince, 5 sun ƙi. Ya wuce.

Sakin layi na 2 ya zama: "Ya dawo da littafin cikin kwana 7, sai dai idan an sabunta masa aron sau ɗaya na wasu kwana 7, matuƙar babu wani ɗalibi da ke jiran littafin."

Da ƙarfe 11:30 mamba ɗaya ta nemi izinin Shugaba ta fita. Ƙuri'u suka koma 39.

GYARA NA 4. Ma'aji ya gabatar, mai kula da ɗakin karatu ta goyi baya: "A soke sakin layi na 3 gaba ɗaya, a maye gurbinsa da: 'Idan ɗalibi ya ɓatar da littafi, iyayensa su kawo irinsa cikin wata ɗaya, kuma a dakatar da aronsa har sai an kawo.'"

Nan ne zama ya ɗauki zafi, aka kusa shafe minti 40. Ma'aji ya ce asalin sakin layin yana hukunta yaro amma ba ya dawo da littafi, shekara za ta ƙare kanta tana nan da gurbi. Mai kula da ɗakin karatu ta ƙara da cewa wanda ya ɓatar a makon farko zai yi shekara cur ba aro, wanda ya ɓatar a makon ƙarshe kuwa kwana biyar kawai zai rasa, kuma laifi ɗaya ne.

Mai ƙuduri ba ta yarda ba. Ta ce: "Malama, na ji hujjarki, amma ki duba gidan da ba su da halin saye. A nawa matanin, hanin yana da ranar ƙarewa. A wannan, yaron da iyayensa suka kasa kawowa zai iya fita makarantar nan bai sake aron littafi ba." Iyaye huɗu suka yi magana a bayanta, ɗaya ya ce zai gwammace ya hana 'yarsa aro tun farko da ya shiga zullumin biya. Mataimakin shugaban makaranta ya ce hukumar makaranta ta saba duba irin wannan hali a asirce, aka amsa masa daga cikin zama cewa abin da ba a rubuta ba, ba shi da tabbas. Ban ga wanda ya yi wannan magana ba, kuma bai nemi izini ba, amma na sa ta domin ita ta raba kan mutane.

Ƙuri'a: 19 sun amince, 19 sun ƙi, 1 bai kaɗa ba. An sake ƙirgawa a tsaye bisa buƙatar mai ƙuduri, adadin bai canza ba. Shugaba ya kaɗa tasa a ɓangaren amincewa, gyaran ya wuce da 20 da 19. Ya nemi a rubuta cewa damuwar mai ƙuduri gaskiya ce, kuma zai sa batun gidajen da suka kasa kawowa a ajandar zama na gaba. Mai ƙuduri ta nemi a rubuta cewa ta ƙi wannan gyara, an rubuta.

GYARA NA 5. Wani uba ya gabatar: "A ƙara sakin layi: 'A sake wa ɗakin karatu fenti kafin hutu.'" Shugaba bai karɓa ba, saboda bai shafi aro ba. Ya shawarce shi ya kawo shi a matsayin ƙuduri mai zaman kansa. Ba a kaɗa ƙuri'a ba.

GYARA NA 6. Malamar aji uku ta gabatar, wata uwa ta goyi baya: "A ƙara sakin layi: 'Aron ya haɗa da lokacin hutu.'" Da aka tuna mata cewa a hutu ne ake ƙirga littattafai, ta nemi janyewa. Ba wanda ya yi jayayya, an janye.

GYARA NA 7. Mai kula da ɗakin karatu ta gabatar, mai ƙuduri ta goyi baya: "A ƙara sakin layi na 4: 'Ba a bada aron ƙamus, kundin taswira, ko littafin da kwafinsa ɗaya ne kacal a ɗakin karatu.'" Shugaba ya tambaya ko akwai mai ja, ba a samu ba. Ya wuce ba hamayya.

MATANIN ƘARSHE. Bisa umarnin Shugaba, na karanta ƙudurin da dukan gyare-gyaren da suka wuce, sau biyu, kafin ƙuri'a:

"Wannan zama ya amince cewa:
(1) A ba kowane ɗalibi daga aji uku zuwa sama damar aron littafi ɗaya daga ɗakin karatu na makaranta ya tafi da shi gida.
(2) Ya dawo da littafin cikin kwana 7, sai dai idan an sabunta masa aron sau ɗaya na wasu kwana 7, matuƙar babu wani ɗalibi da ke jiran littafin.
(3) Idan ɗalibi ya ɓatar da littafi, iyayensa su kawo irinsa cikin wata ɗaya, kuma a dakatar da aronsa har sai an kawo.
(4) Ba a bada aron ƙamus, kundin taswira, ko littafin da kwafinsa ɗaya ne kacal a ɗakin karatu."

Ƙuri'a: 34 sun amince, 4 sun ƙi, 1 bai kaɗa ba. Mai ƙuduri tana cikin waɗanda suka amince. Shugaba ya bayyana cewa ƙudurin ya wuce, kuma wannan matani na ƙarshe shi kaɗai ne abin aiki.

An ɗora wa mai kula da ɗakin karatu buɗe rajistar aro, Sakatariya kuma ta aika wa iyaye matanin ƙarshe cikin mako ɗaya. Takardun gyara na asali da masu su suka miƙo suna cikin fayil ɗin wannan zama ga mai son dubawa.

An tashi da ƙarfe 12:50 na rana. Za a gabatar da wannan rahoto a zama na gaba domin amincewa.

Sakatariyar Ƙungiya