Neman hutun makonni 10 da tsarin miƙa aiki

14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Manajan Sashen Kuɗi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin hutu na makonni 10, daga Litinin 1 ga Satumba zuwa Juma'a 7 ga Nuwamba, in dawo bakin aiki ranar Litinin 10 ga Nuwamba. Za a yi wa mahaifiyata tiyatar sauya ƙashin ƙugu ranar 2 ga Satumba, likita kuma ya ce a makonnin farko ba za ta iya tashi ko shiga banɗaki ba sai da mai tallafa mata, daga nan kuma sai zirga-zirgar gashin ƙashi. Ni ce kaɗai 'yarta da ke kusa. Makonni 4 zan ɗauka daga hutuna na shekara, wanda ban taɓa ko kwana ɗaya ba a bana, sauran 6 kuma ina roƙon a ba ni ba tare da albashi ba.

Na san tambayar da za ta fara zo maka ita ce wa zai riƙe teburina, shi ya sa ban kawo wannan takarda ba sai da na zauna da waɗanda abin zai shafa, kowa ya amsa da bakinsa.

Abubuwa uku ne a hannuna waɗanda in suka yi jinkiri kowa zai ji a jikinsa: albashin ma'aikata 62 da ke fita ranar 25 ga wata, biyan masu kawo mana kaya duk Alhamis, da rufe lissafin wata a cikin kwanakin aiki 5 na farkon wata mai bi. A lokacin da ba na nan za a biya albashi sau 2, na Satumba da na Oktoba, a kuma rufe lissafi sau 3, domin na Agusta zai faɗo a makon farko na tafiyata, na Oktoba kuma a makon ƙarshe.

Malama Bilkisu ce za ta riƙe albashi da rufe lissafi. Ba baƙuwar aikin ba ce, ita ta riƙe mini albashin wata ɗaya bara lokacin da na kwanta rashin lafiya, ko mutum ɗaya bai zo da ƙorafi ba. Duk da haka ba na so mu dogara da bara. Albashin Yuli tare za mu yi, tana kan kujerata ni ina gefe. Lissafin Yuli ma haka a farkon Agusta. Albashin Agusta kuwa ita kaɗai za ta shirya, ba zan sa baki ba sai ta gama in duba kafin ya iso gabanka. Ka ga kenan kafin in sa ƙafa waje za ka ga aikinta da idonka har sau 3, in da gyara mu yi shi tun ina nan. In kuma ba ka gamsu ba, akwai sauran lokacin da za mu sake shawara.

Malam Sani zai karɓi biyan masu kawo kaya. Shi ke karɓar takardun kaya daga sito dama, don haka ya san yawancinsu da suna. Na rubuta masa jerin su 18 da wa'adin biyan kowanne, na kuma ja layi a ƙarƙashin guda 2 da suka saba turo takardar neman biya sau biyu a kan kaya ɗaya, domin ya riƙa gwada lambar takarda da ta odar saye kafin ya rubuta bauca. Amincewa da fitar kuɗi tana nan a hannunka yadda take. Ban ba da shawarar a haɗa wa mutum ɗaya shiryawa da amincewa ba ko da na mako ɗaya ne, wannan shi ne abu na farko da masu binciken kuɗi za su kama, kuma da gaskiyarsu.

Saboda wannan dalilin ne ma ba zan bar wa kowa kalmar sirrina ba. Na yi magana da sashen kwamfuta, za su buɗe wa kowannensu izinin da ya dace da aikinsa a manhajar lissafi, a rufe nawa ranar da na tafi, ta yadda duk abin da aka shigar zai fito da sunan wanda ya shigar da shi. Na banki ne ke ɗaukar lokaci, sai da takarda mai sa hannunka. Na cike fom ɗin yana haɗe da wannan wasiƙa, in ka sa hannu a makon nan za a kammala kafin albashin Agusta.

Akwai wuri ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, nan ne hankalina ya fi tsayawa. Ƙarshen Satumba ƙarshen zango na uku ne, rahoton da kake kai wa hukumar gudanarwa zai zo ba na nan, Malama Bilkisu kuma ba ta taɓa haɗa shi ba. Abin da na tsara shi ne in cike alƙaluman Yuli in shirya gurbin Agusta da Satumba kafin in tafi, da bayani a gefen kowane layi na inda ake ɗauko adadinsa. Sannan ranar Laraba 8 ga Oktoba zan ware sa'o'i 2 mu bi daftarin tare ta waya kafin ya zo wurinka. A lokacin mahaifiyata ta yi makonni 5 da tiyata, in Allah ya yarda zan samu sarari. Bayan wannan, zan riƙa duba saƙon imel duk Juma'a da safe domin tambayar da ta gagara. Makonni 2 na farko ne kaɗai nake roƙon a yi mini uzuri gaba ɗaya, ba na so in yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba ina bakin gadon asibiti.

Sauran ƙananan abubuwa ba za su dame ka ba. Sabunta rajistar kadarori zai jira ni, wa'adinsa Disamba ne. Makullin kabad ɗin baucoci da littafin ƙananan kuɗi zan miƙa su ranar Juma'a 29 ga Agusta, mu ƙirga abin da ke akwatin tare da Malama Bilkisu, mu sa hannu mu biyu a gabanka. Takardar miƙa aiki, mai shafi 6, na sa ta a fayil ɗin sashenmu tun yanzu don ka duba ka faɗi abin da na manta.

Na san nauyin da nake ɗora wa abokan aikina biyu ba kaɗan ba ne, na kuma gaya musu haka. Na ɗauki alkawarin riƙe ofis a ƙarshen Disamba domin su samu nasu hutun, in ka amince.

Ina roƙon amsarka kafin Litinin 21 ga Yuli, saboda a makon ne za mu fara shirya albashin Yuli, kuma a ranar nake so Malama Bilkisu ta zauna kan kujerar. In kana son mu zauna mu huɗu na minti 20 kafin nan, a shirye muke duk lokacin da ka ga ya dace.

Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe.

Rukayya
Jami'ar Lissafi, Sashen Kuɗi