Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Kan Jinkirin Ginin Gidan Danbare

Kano, Litinin, 25 ga Agusta, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara duka. Ya aiki, ya kuma damina? Allah Ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Na rubuto ne in shaida maka cewa ginin gidanka na Danbare ba zai kammala ranar Asabar 1 ga Nuwamba ba kamar yadda muka rubuta a yarjejeniya. Sabuwar ranar da zan miƙa maka makullai ita ce Asabar 13 ga Disamba, 2025, in Allah Ya yarda. An samu ƙarin mako shida ke nan. Na san ba labari ne mai daɗin ji ba, tun da kun tsayar da 27 ga Disamba don bikin Abba, kuma a wannan gidan za a kawo amarya. Ina ba ka haƙuri ƙwarai.

Asalin matsalar rodi ne. Ka tuna na kira ka a tsakiyar watan Yuli na faɗa maka an kawo rodin dekin amma ban yarda da shi ba. A zanen injiniya, ginshiƙan da za su ɗauki nauyin bene rodi mai kaurin milimita 16 aka rubuta musu. Abin da aka sauke mana ranar 14 ga Yuli, a takarda 16 ne, amma da muka sa ma'auni sai muka tarar bai wuce 14 ba. A ido bambancin kamar ba komai, shi ya sa ake yawan wucewa da irinsa a wuraren gini ba wanda ya lura. A lissafi kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen ne babu. Sanda guda ta gaskiya mai tsawon mita 12 tana kai kilo 19 ko kusa da haka, su kuwa waɗannan da muka ɗora a sikeli kilo 14 da rabi suka yi ta bayarwa. Alhaji, ba zan iya zuba kankare a kan wannan ba. Rodi in ya shige cikin dekin ya shige ke nan, ba mai sake ganinsa, kuma 'ya'yanka da jikokinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Dillalin ya amsa zai canza, sai aka shiga yau da gobe. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na ce ya kwashe kayansa ya dawo da kuɗi, kuma sai ranar 8 ga Agusta kuɗin suka shigo. Na je Ƙofar Ruwa da kaina wurin wani dillalin daban, aka auna a gabana kafin a yi lodi, aka sauke mana ranar 12 ga wata. Masu ɗaurin rodi sun kusa gamawa, saura matakalar bene.

A lokacin na ce maka ina sa ran za mu cike giɓin a gaba. Da rani ne da mun rage wani abu, amma jinkirin ya jefa mu tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Kogi ya cika, masu tifa ba sa iya sauka inda yashi mai kyau yake, wanda ake kawowa kuma rabinsa laka. Mun gwada a kwalba, muka zuba yashi da ruwa muka girgiza muka ajiye, lakar da ta kwanta a sama ta yi yawa, don haka na mayar da tifa biyu. Laka tana hana siminti kama yashi da tsakuwa yadda ya kamata, dekin ya yi ta tsagewa yana yoyo. Yanzu muna da tifa huɗu masu kyau a ƙasa, muna buƙatar uku, an yi mini alkawarinsu cikin wannan makon daga wajen wani mai tara yashi tun rani. Layin da ke shiga filin ma ya jiƙe har tifa ta maƙale, sai da muka zuba ɓaraguzai.

Ga yadda aikin zai tafi daga yanzu. Ranar Asabar 6 ga Satumba za mu zuba dekin, a yini ɗaya ba tsayawa, da injin kwaɓa kankare da tamfol a ajiye ko hadari zai taso. Bayan nan za a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kuma ba za a cire katako da sandunan da suka tokare shi ba sai ya cika kwana 21, wato 27 ga Satumba. A nan ne mutane suka fi matsa wa magini, a ce ai ya bushe, a cire a ci gaba. Kankare yana bushewa a sama tun bai yi ƙarfi a ciki ba, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi kuma sai ya kwana 28. Ina roƙonka, ko wani ya ba ka shawarar a rage waɗannan kwanakin don a kamo lokaci, kada ka karɓa. Bulon sama da linta za su kai mu 18 ga Oktoba, rufi ya hau kafin 1 ga Nuwamba. Sauran makonni shida na filasta ne da wayarin da aikin famfo da silin da tayil da fenti. Na ware makon ƙarshe don gyare-gyare da wanke gida, ban cusa masa wani aiki ba.

Saboda maganar jere, da zarar an cire katako zan sa ma'aikata biyu a ƙasa suna filasta, magina kuma suna sama. Ta haka falo da ɗakuna biyu da kicin na ƙasa za su zama a shirye da ƙofofinsu ranar 22 ga Nuwamba, dangin amarya su zo su auna labule da wurin gado, har a fara shigo da kaya a kulle in ana so.

Game da kuɗi, jinkirin bai ƙara maka ko kwabo a kuɗin aiki ba. Ladan mai gadi na ƙarin makonnin nan da kuɗin ɓaraguzan hanya ni zan ɗauka. Sabon rodin ya fi na farko tsada da naira dubu 380, domin na farkon arahar ƙarya ce, kuma na biya daga kason abin da ka iya tasowa da muka ware tun farko. Rasit ɗin biyu da hotunan awon suna tare da wannan wasiƙa. Biya na uku da ya kamata ka yi a ƙarshen Agusta ka riƙe shi tukuna, sai an zuba dekin ka gani da idonka ko wakilinka ya gani. Simintin da muka saya a Yuli yana cikin shago a kan katako, nesa da bango, na duba shi jiya babu wanda ya dunƙule, kuma da shi za mu fara.

Abu biyu nake buƙata daga wajenka don ranar 13 ga Disamba ta tabbata. Na farko, Hajiya ta zaɓi tayil da kalar fenti kafin 20 ga Satumba, saboda wani samfurin sai an yi odarsa. Na biyu, in akwai canjin da kake so a ɗakunan sama, kamar ƙarin banɗakin da ka taɓa ambata, a faɗa mini kafin 3 ga Satumba, domin bututun dole a dasa shi kafin a zuba kankare. Bayan nan sai da fasa dekin, ni kuma ba na son a fasa.

Daga wannan makon, kowace Juma'a da yamma zan turo maka hotuna da bayanin inda aka tsaya. In wani abu ya taso da zai taɓa waɗannan ranakun, a ranar za ka ji daga bakina. In kuma za ka samu shigowa Kano ranar 6 ga Satumba, zan so ka zo da sassafe ka ga rodin a ɗaure kafin a rufe shi.

Na gode da haƙurinka da amanar da ka ba ni. A gaishe da Hajiya, a kuma yi wa Abba bayani. Allah Ya sa a shiga gidan a sa'a, Ya sanya albarka a auren.

Wassalam.

Naka,
Injiniya Sani
Mai kula da aikin