Ina Gajiya?

Motar ta mutu tun kafin rana ta take. Direba ya buɗe bonet, ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya ce sai gobe in an samo makanike. Habu ya tambayi nisan garin da ke gaba, aka ce kilomita 17 ne. Ya yi dariya, ya saɓa jakarsa, ya ce ai wannan ba tafiya ba ce.

Da farko sassarfa yake yi, har da fito. Bayan awa biyu fiton ya ɗauke, haki ya karɓi wurinsa. A lokacin gajiya ce irin wadda kowa ya sani, wadda in ka zauna a inuwa ka miƙe ƙafa sai ta wuce. To, inuwar ce babu. Ya yi sharkaf da gumi, gumin ya bushe ya bar farin gishiri a wuyan riga, wani sabo ya sake tsatsowa. Igiyar jaka ta ci masa kafaɗar dama, ya mayar hagu, ita ma ta ci. Jakar da ya ɗauka da hannu ɗaya da safe, yanzu kamar an cika ta da duwatsu.

Ruwan gorarsa ya ƙare wajen kilomita na goma, daga nan ya fara jigata. Miyau ya kafe, harshe ya manne a ganɗa, leɓɓa suka tsage. Takalmin hagu ya yi masa bororo a dunduniya, ya fashe, safa ta liƙe a kai, sai ya koma ɗingishi. Can jijiyar sha-raɓa ta ɗaure tamau, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana cije baki har ta sake shi. Ya ƙosa da hanyar, ya gundura da ƙarar takunsa, har da kansa ma, shi da ya yi wa mutane dariya a bakin mota.

Da rana ta sunkuya, jikinsa ma ya yi la'asar. Ya daina ɗaga ƙafa, jan ta kawai yake yi, yana barin dogon layi a ƙura. Gwiwoyi suka sage. Wuya ya langaɓe kamar ganyen da rana ta dafa. Wata babbar mota ta wuce, iskarta kaɗai ta sa shi tangaɗi. Ya so ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, hannun ya ƙi tashi. A nan ne ya kusa sarewa. Ya dubi wani dutse a gefen hanya ya ce bari ya ɗan zauna, minti biyar kawai, amma ya san in ya zauna ba mai tashe shi sai safiya. Ya wuce dutsen yana waiwayensa.

Duhu ya fara shiga lokacin da ya hango fitila. Wujiga-wujiga ya isa ƙofar masaukin, a galabaice, idanu sun faɗa, ƙura ta mayar da gashin girarsa fari. Bai sauke jakar ba, ita ta zame da kanta, shi kuma ya bi ta ya zube yaraf a dakali.

Wani dattijo ya fito da fitila a hannu, ya haska shi tun daga kai har ƙafa.

"Sannu, yaro. Daga ina haka?"

Habu ya nuna hanya da haɓa, don magana ta yi masa nauyi.

"A ƙasa? Kai, ka ji jiki. Ka yi laushi ƙwarai."

Ya kawo masa ruwa a kofi, ya ce ya sha a hankali kada ya dawo da shi. Hannun Habu na karkarwa, rabin ruwan a ƙirjinsa ya tsaya. Dattijon ya durƙusa ya kwance masa igiyar takalmi. Ƙafar ta kumbura suntum, sai da ya ja da ƙarfi, safar kuma ya jiƙa ta da sauran ruwan kafin ta rabu da dunduniya.

"Wannan ai ya wuce a ce ka gaji," in ji shi. "Ka yi tiɓis, ka yi liƙis. Tsamin jikin ma sai gobe za ka ji shi, yau somin-taɓi ne."

Habu ya yi hamma har muƙamuƙinsa ya yi ƙara. Wata kasala mai daɗi ta sauko masa daga wuya zuwa yatsu, jiki ya mutu murus, gyangyaɗi ya fara fizgarsa.

Dattijon ya miƙe, sai ya tuna ko gaisawa ba su yi sosai ba.

"Af, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba," in ji Habu, ido a rufe. Kafin a buɗe masa ɗaki ya fara minshari.