Jawabin Sakamakon Binciken Ruwan Sha a Unguwarmu, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

Kafin azumi matasanmu sun bi gida-gida da takardun tambayoyi kan matsalolin da suka fi damun unguwa, yau ga abin da kuka faɗa mana. Mun ɗauka kwata za ta zo kan gaba, ashe ruwa ne. Gidaje mafi yawa sun ce famfo ya daɗe bai kawo ba, sai dai a sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa. Wata baiwar Allah ta ja yaranmu har tsakar gida, ta buɗe musu randa, ba komai ciki sai moɗa. Ta ce kuɗin cefane ne ke tafiya a ruwa.

Kwata ce ta biyu, musamman da damina idan leda ta toshe ta. Fitilar titi kuwa, mutane ƙalilan suka ambata.

Amma fa a sani, gidajen da muka tarar a kulle ba su cikin lissafi, kuma mata sun fi amsawa, don da hantsi muka zaga. To maza, ga dama ta samu. Ranar Litinin za mu kai takardar sakamakon zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu. Mai gyara ya ɗaga hannu.