Gajeren Gwajin Lissafi: Yiwuwa Bisa Sharaɗi da Zanen Bishiya

Wannan gwaji na ɗaliban aji 2 na babbar sakandare ne, za a yi shi cikin minti 25, kuma jimillar makinsa 20 ne. Ku nuna aikinku dalla-dalla, domin amsar da ba a ga hanyar da aka bi aka samo ta ba rabin maki kawai za ta samu.

Wani mai sayar da goro ya zuba goro 8 masu girma ɗaya a cikin jaka, 5 farare, 3 jajaye. Ya sa hannu ya ciro ɗaya ba tare da ya leƙa ba, ya ajiye shi a kan faifai, sannan ya sake ciro na biyu alhali bai mayar da na farkon ba.

Tambaya ta 1 (maki 6): Ku zana bishiyar da ke nuna cirowar farko da ta biyu, ku rubuta yiwuwar kowane reshe a jikinsa. Kafin ku rubuta komai a rassan mataki na biyu, ku tsaya ku ƙirga abin da ya rage a jakar, gaba ɗaya da kuma na kowane launi, domin a nan ne akasarin ɗalibai ke zubar da maki.

Tambaya ta 2 (maki 3): Mece ce yiwuwar goron biyu duk su kasance jajaye?

Tambaya ta 3 (maki 4): Ku nemo yiwuwar a samu aƙalla jan goro ɗaya.

Tambaya ta 4 (maki 5): An shaida muku cewa goro na biyu ja ne, amma an rufe na farkon ba ku gan shi ba. Mece ce yiwuwar na farkon ya kasance fari? Ku yi amfani da P(A|B) = P(A∩B)/P(B).

Tambaya ta 5 (maki 2): Da a ce ya mayar da goron farko kafin ya sake cirowa, da yaya amsar tambaya ta 2 za ta kasance?

Amsoshi domin mai duba takardu

Rassan farko su ne 5/8 na fari da 3/8 na ja. Bayan fari, rassan su ne 4/7 da 3/7, bayan ja kuwa 5/7 da 2/7. Amsa ta 2 ita ce 3/8 × 2/7 = 3/28, ta 3 kuma 1 − 20/56 = 9/14.

Tambaya ta 4 ce ke bambanta wanda ya fahimci darasin da wanda ya haddace shi. Hanyoyi biyu ne ke ƙarewa da ja, wato 15/56 da 6/56, jimillarsu 21/56, kuma wannan jimilla za a yi rabawa da ita tunda sharaɗin ya kawar da sauran hanyoyin. Amsar ita ce 15/21 = 5/7. Wanda ya rubuta 5/8 bai yi aiki da labarin da aka ba shi ba, don haka ba shi da maki a nan. Amsa ta 5 ita ce 9/64.