Jerin Tambayoyin Zaman Tattaunawa na Mako na Shida: Gyaɗa da Jirgin Ƙasa a Kano

Daga malaman kwas ɗin Tarihin Tattalin Arzikin Arewa, aji biyu, zuwa ga malamai masu jagorantar rukunoni. Zaman awa ɗaya ne, kowane rukuni ɗalibai goma sha takwas. An riga an raba musu taswirar layin dogo da taƙaitaccen bayani mai shafi huɗu.

Tambayoyin bakwai ne, kuma muna roƙon a bi su yadda aka jera. Wanda bai buɗe baki ba a minti goma sha biyar na farko, da wuya ya buɗe a ragowar zaman, domin kafin nan mutum uku ko huɗu sun riga sun mallake filin, sauran kuma sun zama 'yan kallo. Saboda haka tambayoyin farko aikinsu shi ne a ji muryar kowa tun maganar ba ta yi nauyi ba. Masu wuyar suna ƙarshe, kuma kowace an gina ta a kan amsar da ɗaliban suka riga suka bayar da bakinsu.

Kafin a fara, a juya kujeru su yi da'ira mai buɗaɗɗen baki wajen allo. In bencina ne da ba sa ɗaguwa, malami ya bar gaban aji ya tsaya a gefe, kusa da layin baya. Ku riƙe takardar sunaye, kuna ɗiga alama gaban duk wanda ya yi magana. Ba don maki ba ne, kuma ku faɗa musu haka.

Tambaya ta 1 (minti 6). "Kowa ya faɗi abu ɗaya da ake yi da gyaɗa ko ganyenta a gidansu ko garinsu. Kada a maimaita abin da wani ya faɗa sai an ƙara masa bayani."

A zagaya bi da bi, kowa jimla ɗaya. Za ku ji ƙuli-ƙuli, mai, kunu, miya, tunkuza, harawar dabbobi, yajin tsire. Babu amsar da za ta zama kuskure, kuma wanda bai karanta takardar ba ma yana da abin faɗa. Ku fara zagayen daga tsakiyar da'irar ko daga layin baya, ba daga wanda ya fi kusa da ku ba, don shi galibi mai son magana ne. Ku rubuta amsoshin a gefen allo, kada ku goge, tambaya ta huɗu na buƙatarsu. Inda ake samun matsala a nan shi ne daɗin hira: wani ya shiga labarin kakarsa, minti shida ya zama sha biyar. Ku ce "madalla, riƙe mana sauran," ku wuce.

Tambaya ta 2 (minti 5). "Ku dubi taswirar. A wace shekara layin dogo ya iso Kano, kuma waɗanne garuruwa ya ratsa kafin ya kai teku?"

Amsar tana gabansu: ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma kaya suka fara tafiya har Legas, ta Zariya da Kaduna da Minna da Jebba da Ibadan. A nan ne kaɗai muka yarda a kira ɗalibi da suna ba tare da ya ɗaga hannu ba, tun da abin da zai faɗa yana ƙarƙashin yatsansa. Ku raba ta gida uku ko huɗu, wannan ya faɗi shekara, wancan ya faɗi gari biyu. Kada ku bari a amsa da baki ɗaya kamar ana bitar hadda. Amsar gayya tana ɓoye mai shiru, malami ya ɗauka kowa ya yi magana alhali mutum biyar ne suka ɗaga murya.

Tambaya ta 3 (minti 8). "Turawa sun shimfiɗa layin nan suna sa ran wane amfanin gona ne zai cika taragu? Ku nemo layin da ya nuna haka a takardar, ku karanta shi, sannan ku faɗe shi da kalmominku."

Auduga ce. Masaƙun Lankasha ta Ingila na neman inda za su samu auduga ban da Amurka, kuma a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Mancesta saboda haka. A yi wannan bibbiyu: minti uku kowa da maƙwabcinsa, sannan a ji daga ƙungiyoyi huɗu. Ku ce wanda bai yi magana ba a tambaya ta biyu shi zai ba da rahoto. Faɗin "mun ga cewa" ya fi sauƙi ga mai kunya a kan "ina ganin cewa," domin in an yi kuskure na mutum biyu ne. Wajen haɗawa, ku bar mata su zauna da 'yan'uwansu mata in haka suka zaɓa. Ku kuma lura da manyan ɗalibai, irin malaman firamare da suka dawo ƙaro karatu: yarinya ko yaro ɗan shekara sha tara ba zai musa wa sa'an babansa ba, sai dai ya ce "haka ne, Malam." A haɗa manya da manya.

Tambaya ta 4 (minti 12). "Ka ɗauka kai manomi ne a ƙasar Kano a 1912, kana da gona ɗaya da harajin da za ka biya da tsabar kuɗi. Auduga za ka shuka ko gyaɗa? Rubuta dalili biyu."

Wannan ita ce ƙashin bayan zaman, kuma a nan ne ake samun masu shiru ko a rasa su. Minti biyu cif na rubutu, babu magana, ku ma ku yi shiru. Ku zagaya kuna leƙa takardu. In kun ga dalili mai kyau a takardar wanda bai cika magana ba, ku sunkuya ku ce masa a hankali, "wannan na biyun, zan so aji su ji shi." Kun ba shi sanarwa ke nan, kuma kun tabbatar masa ba zai ji kunya ba. Da shi za ku fara.

Dalilan da muke sa ran su fito: gyaɗa ana cinta in farashi ya faɗi, auduga kuwa ba a tuƙa tuwo da ita, harawarta abincin dabbobi ce da rani, tana yi a jigawa, tana kuma gyara ƙasa, ana haɗa ta da gero ko dawa a gona ɗaya, kamfanonin Turai na son manta don yin sabulu da man shafa wa burodi, sun kuma saya da daraja. Audugar da ake nomawa kuwa tana da masu sayenta a gida, masu kaɗi da masaƙa da marina, waɗanda sukan biya fiye da abin da Turawa ke tayawa. Duk sanda dalili ya haɗu da abin da ke gefen allo, ku nuna shi ku ambaci mai shi: "harawar nan da kika faɗa ɗazu, ga inda ta shigo." Ɗalibar da ta ga maganarta ta minti na uku ta zama hujja a minti na ashirin da biyar za ta sake magana ba tare da an roƙe ta ba.

In ɗalibi ya fara da Turanci ya sarƙe, ku ce ya ƙarasa da Hausa, wani ya mayar don waɗanda ba sa ji. Da yawan shirun da muke gani ba na rashin sani ba ne, tsoron a yi dariyar kuskuren nahawu ne. Kada a gyara wa kowa Turanci a tsakiyar magana.

Tambaya ta 5 (minti 9). "Tsakanin manomin ƙauye da sikelin kamfani a Kano, su wa ke tsaye, kuma me ya ba su wannan damar?"

Fatake ne da suka daɗe a cinikin goro zuwa Gwanja, suna da jari, da yara a ƙauyuka, da amana. Sukan ba manomi kuɗi ko gishiri ko tufa tun kafin kaka, a biya da gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne misalin da kowa zai kawo, kuma masu karatun aji za su so su zuba tarihinsa. Ku tsayar da su a kan "me ya ba su damar." Dokar wannan tambaya: wanda ya yi magana sau biyu ya jira sai sababbin baki biyu sun shiga. Bayan kun yi tambayar, ku ƙirga goma a zuci kafin ku zaɓi kowa. Hannun da ya fara tashi ba shi ne ya fi tunani ba, kuma malamin da shiru ya dama har ya amsa tambayarsa da kansa ya koya wa aji cewa in an yi haƙuri zai faɗa.

Tambaya ta 6 (minti 12). "An yi yunwa mai tsanani a ƙasar Kano a 1913 zuwa 1914, jim kaɗan bayan gyaɗa ta yi kasuwa. Wani ya ce fari ne kawai, wani ya ce ba da gonakin hatsi ga gyaɗa da matsin haraji sun ƙara ta'azzara ta. Wace hujja za ka nema kafin ka yarda da ɗayansu?"

Da gangan muka ce "wace hujja za ka nema" maimakon "wa ke da gaskiya." In aka tambayi wa ke da gaskiya, masu baki biyu za su kama musu, sauran su naɗe hannu. Neman hujja kuwa kowa na iya kawo guda: bayanin ruwan sama, farashin gero, rahoton hakimai, waƙoƙi da labarin tsofaffi, halin garuruwan da ke nesa da layin dogo. A kasa su huɗu-huɗu na minti biyar, ku ne za ku zaɓi mai rahoto daga takardar ɗigonku. In amsa ta zo a karkace, kada ku ce "a'a." Ku ɗauki ɓangaren da ya tsaya, ku tambayi aji abin da za a ƙara masa.

Tambaya ta 7 (minti 8). "Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce ta riƙa yanke farashi, tana riƙe rarar. Dalar gyaɗar Kano alamar arzikin manomi ce, ko alamar wani abu dabam? Ɗauki matsayi ka kare shi."

Kowa ya rubuta matsayinsa a jimla biyu a guntuwar takarda, da suna. Ku karɓa, ku karanta uku da suka saɓa wa juna ba tare da faɗin masu su ba, sannan ku ce mai ita in yana so ya ƙara bayani. Wani zai kawo cewa buhunan sun taru ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashewa da wuri, wani ya ce rarar ta gina makarantu da hanyoyi, wani ya ce manomi ne ya biya. Ba a buƙatar a cimma matsaya.

In lokaci ya ƙure, a yar da ta biyar, a mayar da ta bakwai aikin gida. Kada a taɓa ta ɗaya da ta huɗu. Malami kan yi sha'awar tsallake masu sauƙin don ya isa "ainihin darasi," sai ya isa can da mutum uku. Rukunin ƙarfe ɗaya kuma su fara da minti biyar na jinkiri a lissafinsu saboda masu dawowa daga sallar Azahar, kada a fara zagayen farko rabin kujeru babu kowa.

A miƙa takardar ɗigo da guntayen amsoshin tambaya ta bakwai ga mai kula da kwas kafin ranar Alhamis. Duk ɗalibin da bai wuce jimlar zagayen farko ba, a ja layi ƙarƙashin sunansa, shi za a fara ba tambaya ta biyu a mako na bakwai.