Takardar duba shafin turaren Yaya: me ya tsayar da shi wuri ɗaya?

Yaya, ina wuni, ya kasuwa, ya su Ummi da makaranta?

Ranar Asabar da kika bar mini wayarki kika shiga haɗa turare, na zauna na bi shafinki na Instagram tun daga sama har fostin ɗin farko. Kin ce tun bayan ƙaramar sallah mabiya sun tsaya a 6,200, oda ta ragu, kuma kina zargin ko an sa miki hannu ko kamfanin ne ya ɓoye ki. Na fara da na biyun, don shi ake iya dubawa a waya. A cikin Settings akwai wani wuri mai suna Account status, inda ake nuna ko an cire miki wani abu ko an hana nuna shafinki ga waɗanda ba sa bin ki. Naki fes yake, babu ko ɗigo. Saboda haka ciwon a cikin gida yake. Ga tambayoyin da na bi ɗaya bayan ɗaya, da abin da na tarar a ƙarƙashin kowace. Na sa wa kowace hukunci: LAFIYA, GYARA ko CIWO.

Fuskar shafi

1. Baƙuwar da ta faɗo shafin za ta gane abin da ake sayarwa kafin ta ja ƙasa? CIWO. A gurbin bayani kin rubuta addu'a, da sunan maigida, da furanni guda shida. Haruffa 150 kacal aka ba ki a nan, kuma babu turare ko humra ko Kano a cikinsu. Mayar da shi haka: “Turaren wuta, humra da kwalacca, haɗin gida. Kano. Muna aikawa ko'ina a Najeriya. Taɓa ƙasa ki yi oda.” Addu'ar ki kai ta Story, ba ta ɓata ba.

2. Gurbin Name yana ɗauke da kalmar da masu saye ke nema? GYARA. Mutane da yawa ba su san wannan gurbin yana fitowa a bincike ba. Sunanki kawai kika sa. Ƙara “Turaren wuta Kano” a gefensa, don wadda ke neman kayan amarya ba sunanki za ta rubuta ba.

3. Hoton shafi yana ganuwa idan ya ƙanƙance? GYARA. Tambarin yana da kyau a jikin kwalba, amma a ɗan da'irar nan rubutun ya zama kamar tururuwa.

4. Hanyar oda tana aiki? CIWO, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Na taɓa mahaɗin WhatsApp ɗin, ya kai ni tsohon layinki da ya ɓata a bikin Gwaggo. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka yi sallama a can suka ji shiru. Tsarin shi ne `wa.me/` sai 234, sai lambarki ba tare da sifilin farko ba. Na riga na gyara wannan, ban jira izininki ba, ki yafe ni.

5. Highlights da fostin uku da ake liƙawa a sama? GYARA. Highlights ɗinki tara ne, bakwai na biki da suna. A rage su zuwa huɗu: farashi, yadda ake oda, shaidar kwastomomi, kayan amarya. Ba ki liƙa komai a sama ba, alhali an ba ki gurbi uku kyauta.

Abin da ake ɗorawa

6. A fostin 30 na ƙarshe, nawa ne ba sa kama da juna? CIWO. Na ƙirga: 22 hoton kwalba ne a kan teburin falo, da labule iri ɗaya a baya. Biyar gaisuwar Juma'a ce da kika kwaso daga wani zauren WhatsApp. Uku ne kawai bidiyo.

Nan zan ɗan daɗe, Yaya, don nan ne tushen maganar. Ƙamshi kike sayarwa, waya kuwa ba ta da hanci. Kwalba a rufe ba ta gaya wa kowa komai. Ta ki da ta mai haɗa na jabu duk ɗaya suke a hoto. Amma ki duba bidiyon nan na daƙiƙa 19 da Ummi ta ɗauke ki ba ki shirya ba: kina juya icen hawi a tukunya, sukari ya fara kama jikinsa yana ƙyalli, kika zuba madarar turare tururi ya turnuƙe, kika kau da kai kina cewa “kai, wannan sai mai rabo.” Shi kaɗai mutum sama da 5,000 suka kalla, aka tura shi ga wasu sau 64, kuma a makon kika samu odar amarya biyu. Hotunan kwalba kuwa da ƙyar suke wuce mutum 300. Shafin da kansa ya faɗa miki abin da yake so tun watan Maris, ba ki saurara ba, har ma kin so ki goge bidiyon wai don zanin aiki ne a jikinki.

Ba dole ki nuna fuska ba, na san ra'ayin maigida a kan haka. Hannu, tukunya, kasko da garwashi, hayaƙi yana ratsa mayafin da aka rataya a kabbasa, da muryarki, sun isa.

7. Daƙiƙa uku na farkon bidiyo suna riƙe mai kallo? CIWO. Sauran biyun sun fara da tambari yana juyawa, sai doguwar sallama. Kafin ki zo kan magana an wuce. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a farkon 2025 cewa abubuwa uku suka fi nauyi wajen yaɗa fostin: tsawon lokacin da aka kalla, layik, da turawa ga wani. Turawar nan ita ta fi kai ki gaban waɗanda ba su san ki ba. Fara da hayaƙin, sallama ta biyo baya.

8. Akwai tambarin wata manhaja a jikin bidiyo? GYARA. Ɗaya yana ɗauke da na TikTok. Tun 2021 Instagram ya ce yana rage yaɗa irin waɗannan. Ki riƙa ajiye asalin bidiyon a waya, ki ɗora wa kowanne nasa.

9. Ana ganin farashi? CIWO. “A zo DM” a ƙarƙashin komai. Na san hujjarki, kada masu sana'a irin taki su kwafa. Yaya, su sun riga sun sani, ƙannensu suke turowa su tambaya. Wadda kike kora ita ce mai kunyar ta tambaya ta ji ya fi ƙarfinta.

10. Akwai abin da mace za ta adana ko ta tura wa ƙawarta ko da ba ta saya ba? CIWO. Ban da bidiyon tukunyar nan, babu ko ɗaya. Ke kuwa kin san bambancin hawi da sandal da kajiji, kin san dalilin da turare ke ƙauri a kasko idan garwashi ya yi yawa, kin san abin da ya kamata a sa wa amarya a kaya da abin da ɓarnar kuɗi ne. Sau nawa kika yi mana wannan karatun a tsakar gida? Kowanne bidiyo ne.

Su wa ke bin ki

11. Mabiyan nan masu saye ne? CIWO. A Professional dashboard, ɓangaren mabiya ya nuna kashi 58 cikin ɗari maza ne, kuma garin da ya fi yawa Legas ne, Kano ta zo ta uku. Na san inda suka fito: rabon katin waya da kika yi bara, wanda ya kawo mutum wajen 2,500 cikin kwana huɗu. Kati suka zo ci, sun ci ko sun rasa, sun zauna kamar duwatsu. Taron yuyuyu ne. Illarsu ba ta tsaya a rashin saye ba: duk abin da kika ɗora, idan aka nuna musu suka wuce ba su tsaya ba, alama ce ga manhajar cewa abin bai ja hankali ba. Kada ki sake irin wannan rabon. Idan za ki yi kyauta, ki ba da ƙaramar kwalbar humra, mai son humra ce kaɗai za ta wahala a kanta.

12. Akwai shafukan bogi? GYARA. Na ga marasa hoto, marasa fostin, masu bin mutum dubu bakwai. Cire su da Remove, kaɗan-kaɗan, kamar ashirin a rana. Lambar za ta sauka, ki daure.

13. Baƙi suna ganin ki? CIWO. A kwana 90 na ƙarshe, kashi 9 cikin ɗari ne kawai na masu kallo ba mabiyanki ba. Shago ne da 'yan gida kaɗai ke leƙawa. Mai lallen da kuke aikin amare tare tana da mata irin waɗanda kike nema. Ku yi fostin ɗaya na haɗin gwiwa, ya fito a shafukanku biyu lokaci guda.

14. Tsofaffin kwastomomi suna dawowa? LAFIYA. A littafin odarki na ga sunaye iri ɗaya suna maimaituwa, har da matar nan ta Zariya da ta saya sau biyar. Kayan ba su da laifi ke nan. Ki roƙe su izinin nuna saƙonninsu, a rufe suna da lamba.

Ɗabi'ar ɗorawa

15. Akwai tsari? CIWO. Fostin bakwai rana ɗaya, ranar da data ta shigo, sannan shiru na kwana 23. Uku a mako sun fi wannan: bidiyon haɗi, bidiyon koyarwa, da kaya da farashinsu. Ki ɗauke su duka ranar da kike haɗa turare, tunda a ranar tukunya tana kan wuta ko da waya ko babu. Manhajar tana bari a tsara ranar da kowanne zai fita da kansa.

16. Lokacin ya dace? GYARA. Kina ɗorawa da hantsi bayan yara sun tafi. Most active times ya nuna mutanenki sun fi yawa tsakanin takwas da goma na dare, bayan isha'i. Da azumi wannan zai canza, sai a sake dubawa.

17. Ana amsa mutane? CIWO. A Requests na tarar da saƙo 41 ba a buɗe ba. Ɗaya daga Kaduna take, tana neman turaren amarya na ɗaki biyu, bikin saura sati uku, ta rubuto sau biyu, na biyun “Anti ko kin daina ne?” kawai ta ce. Saƙon ya yi wata huɗu. Ki riƙa leƙa wurin safe da dare.

18. Story? LAFIYA. Kusan kullum kina sawa, kuma a nan kike sakin jiki ki yi magana kamar ke.

Kada ki kama duka lokaci guda, na san ki, za ki yi kwana biyu kina yi ki watsar. Makon nan lamba 1, 2, 5 da 17 kawai. Mako mai zuwa zan zo ranar haɗi da fitilar ɗaukar hoton da nake aiki da ita, mu ɗauki bidiyo shida. Daga nan har sati shida kada ki kalli yawan mabiya. A bayan littafin oda ki ja layi uku, duk Juma'a ki rubuta: mutum nawa suka yi magana a WhatsApp, nawa suka saya, da sau nawa aka tura bidiyonki. Duk wadda ta yi oda ki tambaye ta a ina ta gan ki.

Sannan ki canza kalmar sirrin shafin yau ɗin nan, ki kunna Two-factor authentication. Sunan Ummi da shekarar haihuwarta ne, ban ma tambaye ki ba na cinka. A gaida maigida, kuma ina bin ki kwalbar kwalacca ta ladan aiki.